"Har Zuwa Naira 250,000 a Wata": Karanta Takardar Kafin Ka Yi Murna

Kalmomi biyu sun fi kowace kalma cin amanar matashin da ke neman aikin talla a Katsina, su ne "har zuwa". Za ka gan su a takardun da ake liƙawa a bangon shaguna tun daga titin IBB har Ƙofar Kaura, kana kuma ganin su a saƙonnin da ake turawa waɗanda suka gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam ko Kwalejin Hassan Usman Katsina: ana neman masu tallan fitilar sola, ko wayar da ake biya kaɗan-kaɗan, ko inshora, ko masu jawo wa banki sababbin asusu, kuma za a samu "har zuwa" kaza a wata. Wanda ya rubuta haka bai yi ƙarya ba, domin Naira 30,000 ma tana cikin "har zuwa Naira 250,000". Rufin ɗakin ya nuna maka, ya ɓoye daɓen, alhali a kan daɓe mutum yake kwana.

Matsayina shi ne wannan: shawarar da muka saba ba ƙannenmu, cewa su karɓi aikin tukuna tunda da hanau gara mannau, muguwar shawara ce idan aikin na kamasho ne. A aikin albashi tsantsa, mafi munin abin da zai faru shi ne kuɗin ya yi kaɗan. A aikin kamasho kuwa, mutum yana iya yin wata huɗu yana yawo a rana, ya tashi kamfani na bin sa bashi, a kuma aika wa wanda ya tsaya masa takardar neman biya. Wanda ya tsaya masan nan, sau da yawa, ɗaya ne daga cikin masu karanta wannan rubutu.

Doka ta janye jiki sau biyu

Dalilin da ya sa takardar ɗaukar aiki ta fi nauyi a wannan sana'a shi ne dokokin da ke kare sauran ma'aikata sun bar mai talla a waje. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya kai mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Sai dai uwar dokar, ta shekarar 2019, ta keɓe wasu wuraren aiki daga wannan wajibi, kuma a cikinsu akwai inda ake biyan ma'aikata da kamasho ko da gwargwadon abin da suka yi, da kuma inda ma'aikata ba su kai 25 ba. Saboda haka idan aka rubuta maka tsayayyen albashi na Naira 30,000 ka ce ai doka ta hana, kamfanin yana da sashen da zai buɗe maka.

Janyewa ta biyu ta fi wannan ciwo. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya tana da tanade-tanade masu kyau. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Sashe na 5 ya taƙaita abin da za a iya cirewa daga albashi, ya kuma ce jimillar abin da aka cire a wata ɗaya kada ta haura kashi ɗaya bisa uku na albashin watan. Amma sashe na 91, inda aka fayyace wane ne "ma'aikaci" a idon wannan doka, ya fitar da wakilai da 'yan talla masu yawo matuƙar aikinsu a wajen harabar kamfani suke yin sa. Yarinyar da ke zaune a kanti tana sayarwa tana da rumfar fakewa. Wadda ke bin gida-gida a Sabuwar Unguwa da jaka a kafaɗa, lauyan kamfani zai ce rumfar ba tata ba ce.

Gaskiya ne akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin sauraron rikicin aiki, har da ƙorafin rashin adalci a mu'amalar aiki, kuma takan duba ainihin yadda dangantakar take, ba sunan da aka laƙaba mata kawai ba. To amma wanda aka cire wa Naira 40,000 ba zai ɗauki lauya ba, kuma ko ya je, abu na farko da alƙali zai nema shi ne takardar da ya sa wa hannu. Ke nan takardar ita ce dokarsa, kuma lokacin da yake da ƙarfin gyara ta guda ɗaya ne: kafin ya sa hannu.

Mu warware takarda guda

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da na tsara domin lissafi ya fito fili. Matashiya ta gama hidimar ƙasa, wani kamfanin da ke sayar da kayan sola a kan biya kaɗan-kaɗan ya ba ta takarda. Tallan ya ce har zuwa Naira 250,000. Takardar ta ce albashi Naira 60,000, kamasho Naira 5,000 a kan kowace na'ura, taget ɗin wata na'ura 30, sannan akwai tukuicin Naira 40,000 ga wanda ya cika taget. Idan aka haɗa 60,000 da 150,000 na kamashon na'ura 30 da 40,000 na tukuici, ga 250,000 ta fito. Abin lura na farko ke nan: adadin da ke kan talla shi ne na watan da komai ya tafi daidai, ba na watan da aka saba gani ba.

Yanzu sai a koma kan 60,000 ɗin. A shafi na biyu an raba ta gida biyu: 30,000 ana biya kowane wata, ɗaya 30,000 ɗin kuma sai an kai kashi 70 cikin ɗari na taget, wato na'ura 21. Duk kuɗin da aka rataya wa sharaɗin ciniki kamasho ne, ko da an kira shi albashi. Tsayayyen albashinta na gaskiya 30,000 ne, kuma da wannan adadin ya kamata ta auna kuɗin haya da na cefane. Akwai wani salo da ya fi wannan haɗari, inda abin da ake kira albashi rance ne da za a riƙa zarewa daga kamashon da ba a riga an samu ba. A irin wannan tsari, wata uku na rashin ciniki yana nufin bashin albashin wata uku. Tambayar da ke tona shi gajera ce, kuma a nemi amsarta a rubuce: idan ban sayar da ko ɗaya ba a wannan wata, nawa zai shigo asusuna, kuma akwai ranar da za a ce in mayar da shi?

Sai matakalar taget. Takardar ta ƙara da cewa wanda bai kai rabin taget ba, wato na'ura 15, ba shi da kamasho ko kaɗan a watan. Dubi abin da wannan ke haifarwa. Idan ta sayar da 21, za ta samu 60,000 da 105,000, jimilla 165,000. Idan ta sayar da 20, rabin albashin ya tafi, sai 30,000 da 100,000, jimilla 130,000. Na'ura guda ta ci mata 35,000. A ƙasa kuma ramin ya fi zurfi: 15 tana ba ta 105,000, 14 kuwa 30,000 kacal. Kamfanin ya karɓi cinikin na'ura 14 bai biya ko sisin kamasho ba. Wannan ba ƙarfafa gwiwa ba ne, hanya ce ta samun aiki kyauta daga duk wanda ya kusa kaiwa bai kai ba. Shi ne kuma abin da ke tura matasa, a ranakun ƙarshen wata, su sayi na'ura da sunan ƙanwarsu ko su biya wa abokin ciniki kafin alƙalami daga aljihunsu, wanda daga baya kamfanin zai kira shi maguɗi ya kore su a kansa.

Taget ɗin kansa ana iya auna shi da alƙalami. Na'ura 30 a ranakun aiki 26 na nufin fiye da ciniki ɗaya a kullum, ba fashi. Idan muka ƙaddara cewa mutum ɗaya cikin goma da ta yi wa bayani ne zai saya, tana buƙatar mutum 300 a wata, kusan 12 a rana, kowanne da gaisuwarsa da gwajinsa da "bari in yi shawara da maigida". Maganar manaja cewa taget ɗin mai sauƙi ne ba hujja ba ce. Hujja ita ce a tambaye shi: masu talla nawa kuke da su a Katsina, nawa ne a cikinsu suka cika taget a wata uku da suka wuce, kuma nawa na tsakiyarsu ya karɓa? Kamfani yana da waɗannan alƙaluma a kwamfutarsa. Idan ya ƙi faɗa, ya faɗa ke nan. A kuma tambayi yankin da za a ba ta, domin taget ɗin da ake cikawa a Babbar Kasuwa ba shi ne ake cikawa a ƙauyukan Batsari ko Jibiya ba, inda matsalar tsaro ke yanke wa mutum ranakun fita da sa'o'in dawowa.

Daga duk abin da aka samu kuma sai a cire kuɗin nemansa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, zirga-zirga ta zama babban kashi na kuɗin da mai talla ke ƙonawa. A ce tana kashe 2,500 a rana a Keke Napep da achaba, kwana 26 ya kama 65,000, a ƙara 10,000 na kati da data, ya zama 75,000 a wata. Idan takardar ba ta ce kamfani zai biya wannan ba, ita za ta biya. Watan na'ura 20 ya koma 55,000 a hannu, ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Watan na'ura 14 kuwa ta yi asarar 45,000, wato ita ce ta biya kuɗi domin a bar ta ta yi wa kamfani aiki.

Kuɗin da aka ba ka, ba naka ba ne tukuna

Sharaɗin da ya fi kowanne ɓuya shi ne na karɓe kamasho bayan an biya. Yawanci yana can ƙasa, a sakin layin da ke cewa kamfani na da ikon dawo da duk kamashon da ya biya idan abokin ciniki ya daina biya, ko ya mayar da kaya, ko ya rufe asusu cikin wani wa'adi. A misalinmu wa'adin kwana 90 ne, kuma ana karɓe kamashon gaba ɗaya.

Illarsa ba ta bayyana sai an yi nisa. A watan farko matashiyarmu ta sayar da 22, domin dangi da ƙawaye da maƙwabta sun yi mata kara, ta karɓi 170,000, gida ya ɗauka da murna. Wata na biyu 20, na uku 18, na huɗu 16, saboda mutanen da ta sani sun ƙare, ta koma ƙwanƙwasa ƙofar baƙi. A wata na huɗun ya kamata ta karɓi 30,000 da 80,000, wato 110,000. Sai ga shi mutum biyar daga cinikin watan farko da uku daga na biyu sun daina biya. Takwas sau 5,000 ya kama 40,000, saura 70,000, ga kuɗin zirga-zirga 75,000. Wannan ma idan an yi mata fassara mai sauƙi ne. Idan takardar ta ce za a cire waɗanda suka gaza daga ƙidayar cinikin watan, to 16 a debe 8 saura 8, ba ta kai 15 ba, kamashon watan ya tafi ɗungurungum, sai 30,000. Jimla ɗaya mai harshen damo ta raba 70,000 da 30,000, kuma kamfani ne ke zaɓar fassarar.

Masu kare wannan sharaɗi suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Idan ana biyan kamasho da zarar an sa hannu, wasu masu talla za su ɗora wa duk wanda suka gani kaya, har wanda suka san ba zai iya biya ba, wasu ma su ƙirƙiro sunaye. Kamfani na da haƙƙin kare kansa daga wannan. Inda hujjar ta karye shi ne wajen tambayar wa ya yanke shawarar ba da bashin. Hausawa sun daɗe da sanin ɗaukar nauyin bashin wani a kasuwa. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, mai gida Bahaushe kuma shi ke tsaya wa fatake a kan kuɗinsu. To amma mai gidan nan da dillalansa su ne suka san mahautan, su ke cewa a ba wane a hana wane, kuma kasuwa tana iya juya wa wanda ya ci bashi baya. Nauyi da iko a hannu ɗaya suke. A tsarin kamfani, mai talla takan kawo mutum ne kawai, kamfani ya tantance shi ya amince, ya sa farashi da wa'adi, sannan in abu ya lalace a ɗora wa wadda ba ta da ta cewa. Kamfanin ya riƙe kafin alƙalamin da mutumin ya biya, ya riƙe biyan wata biyu da ya yi, yana iya kulle na'urar ko ya karɓo ta ya sake sayarwa, sannan ya karɓe kamashon. Kowa ya fita da wani abu sai wadda ta sha rana.

Katsinawa kuma sun san cewa mutum na iya daina biya ba don mugun hali ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, aka kwashe watanni a haka. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mai dukiya ma ya rasa abin sayen omo. A watan Agustan 2023 aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yamai, kasuwancin Jibiya da Maraɗi ya tsaya har zuwa Maris na 2024. Duk mai tallan da abokan cinikinsa ke biya ta waya, ko suke cin abinci daga bakin iyaka, sai ya tambayi kansa abin da takardarsa ta ce game da irin waɗannan watanni. Idan ba ta ce komai ba, asarar a kansa take.

Sharaɗin karɓe kamasho mai adalci yana da kamanni da ake ganewa. Yana da wa'adi bayyananne, da ranar da ake fara ƙirga shi. Yana tafiya da gwargwado, ta yadda wanda abokin cinikinsa ya biya wata biyu cikin uku ba za a karɓe masa duka ba. Yana da iyaka a kowane wata, kuma ko da kamfani ya ce sashe na 5 bai shafe ka ba, babu abin da ya hana ka nemi a rubuta maka wannan iyaka ta kashi ɗaya bisa uku a cikin yarjejeniya. Ana ba ka jerin sunayen waɗanda aka yi cirewar saboda su, domin ka bincika da kanka. Idan kuma mutumin ya ci gaba da biya, ana dawo maka da kuɗinka. Wanda ya rasa yawancin waɗannan siffofi ba kariya daga maguɗi ba ne, jingina asarar kamfani ce a wuyan ma'aikaci.

Ranar rabuwa, da mai tsayawa

Sauran abin dubawa yana ƙarshen takarda. Wasu yarjejeniyoyin suna cewa sai wanda ke bakin aiki a ranar biya ne zai karɓi kamasho, ma'ana wanda aka sallama ranar 28 ga wata ya yi asarar cinikin watan, alhali sharaɗin karɓe kamasho yana bin sa har bayan ya tafi. Wasu suna ba kamfani ikon sauya taget da kamasho duk lokacin da ya ga dama, wanda ke mayar da duk lissafin da muka yi a sama rubutu a kan ruwa. Abin nema a nan shi ne sanarwar wata guda a rubuce kafin kowane sauyi, kuma kada sauyin ya shafi cinikin da aka riga aka yi. A kuma duba sunan da ke saman takardar, domin mai tallan da ke sanye da rigar banki ba lallai ne ma'aikacin bankin ba, yana iya zama na wani kamfanin samar da ma'aikata ne, kuma wannan kamfanin ne zai bi bashin haƙƙinsa.

Ku kuma da ake kawo wa fom ɗin garanto a ofis, malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan sakatariya, ku daina sa hannu a tsaye. Ku duba ko abin da kuka lamunta sata ce da ɓatan kaya kaɗai, ko kuwa "duk wani kuɗi da kamfani ke bin sa", domin jimla ta biyu ta haɗa da kamashon da aka karɓe saboda wani mutum a Rimi ko Kaita da ba ku taɓa gani ba ya daina biya. Ku nemi a rubuta iyakar adadin da kuka lamunta. Kada kuma ku yarda yaro ya ajiye ainihin takardar shaidar digirinsa ko ta hidimar ƙasa a hannun kamfani, domin wanda aka riƙe wa takarda ba ya iya tafiya ko an zalunce shi.

Za a ce mai neman aiki ba shi da bakin ciniki, layi na da tsawo a bayansa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Kamfanonin da ke biya da kamasho kullum cikin ɗaukar sababbi suke, saboda kullum tsofaffi na tafiya, kuma matashin da ya iya zama ya warware lissafin takarda shi ne irin mai tallan da manajan kirki ke nema. Ko da ba a gyara masa ko harafi ba, tambayoyin sun riga sun yi amfani, domin ya san adadi uku kafin ya fara: abin da zai samu a watan da ya cika taget, abin da zai samu a watan da ya kai kashi biyu bisa uku, da abin da zai rage masa a mummunan wata bayan an cire kuɗin mota da kamashon da aka karɓe. Adadi na ukun shi ne albashinsa. Idan zai iya rayuwa da shi wata uku a jere, ya karɓi aikin, kamasho kuwa ya taɓa arzurta mutane da yawa a kasuwannin ƙasar Hausa. Idan adadin ya faɗa ƙasa da sifili, abin da aka miƙa masa ba aiki ba ne, gayyata ce ya zuba jari a kamfanin da ba shi da hannun jari a ciki.

Kamfanin da ya ce a sa hannu yau-yau, ba za a fita da takarda ba, ba za a ba da kwana biyu a nuna wa wani ba, ya riga ya amsa duk tambayoyin da ke sama.